Kafin ki biya kuɗin jakar makaranta, juya cikinta waje

*Assalamu alaikum, Malam. Yarona ɗan shekara tara ne, zai shiga aji huɗu na firamare a nan Garwa. Bara jaka uku na saya masa: ta farko maratayinta ya tsinke, ta biyu zif ya lalace, ta uku ruwan sama ya jiƙa masa littattafai a cikinta. Don Allah me zan riƙa dubawa a kasuwa, don bana in sayi guda ɗaya da za ta kai shi ƙarshen shekara?*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka.

Ɗinkin jaka da gyaranta shi ne sana'ata, kuma daga watan Satumba zuwa Disamba kusurwar shagona ba ta rabuwa da tarin jakunkunan yara masu jiran gyara. Abin da wannan tarin ya koya mini shi ne ciwon jaka iri biyu ne. Akwai wanda zan gyara miki da 'yan canji kina tsaye, akwai wanda ko na so ba ni da yadda zan yi da shi. Kan zif idan ya saki, minti biyar ne. Ɗinki idan zare ne kawai ya tsinke, sai in mayar. Amma yadin da ya tsefe, da soson da ya mutu a cikin maratayi, da shafen roba da ya ɓare daga cikin yadi, waɗannan ba su da magani a wurin tela. Saboda haka idan kin je kasuwa, ki fi tsananta wa abin da ba ya gyaruwa, ki ɗan sassauta wa wanda ke gyaruwa. Kuma yawancin abin da ba ya gyaruwa a ciki yake ɓoye, shi ya sa na ce ki juya ta.

Ki fara da bayan jakar, can sama, inda maratayai biyu suka shiga jikinta. Duk nauyin littattafai a nan yake rataye, kuma yaro ba ya ɗaukar jaka da hannu biyu a hankali. Maratayi ɗaya yake fizga ya wurga ta kafaɗa, abokinsa ya riƙo ta ta baya suna guje-guje, mai babur ya ɗaga ta da shi ya ɗora gaba. A jaka mai araha, bakin maratayin kawai ake cusawa cikin ɗinkin da ya haɗa baya da sama, a bi ta kai da layi ɗaya, shi ke nan. Daga waje ba za ki gane ba. Ki zuge zif, ki tura bayan jakar ya fito waje, ki nemi wurin da yatsa. Idan abin da ya shigo ciki na bakin maratayin bai kai faɗin yatsarki ba, kuma layin ɗinki ɗaya ne ya riƙe shi, wannan jakar ba za ta ga hutun Disamba ba. Wadda aka yi da gaskiya, za ki ga ɗaya daga cikin abu biyu, ko ma duka. Ko dai an shimfiɗa wani faffaɗan bel a gicciye daga wannan kafaɗa zuwa waccan, ya danne kan maratayan biyu an ɗinke shi sama da ƙasa, ko kuwa an yi wa kowane maratayi ɗinkin ƙarfafawa: ɗan akwati mai kusurwa huɗu da gicciye a tsakiyarsa, ko wani ɗan gajeren ɗinki mai kauri da aka yi ta maimaitawa a wuri guda har ya tashi kamar ƙwayar shinkafa. Amfanin waɗannan shi ne raba jan. Maimakon nauyi ya taru a kan 'yan ramukan allura goma, sai ya bazu a kan yadi mai faɗi.

Kada ki ji nauyin mai shago, ki gwada. Ki riƙe jikin jakar da hannu ɗaya, maratayi da ɗaya, ki ja da ƙarfi irin na yaro mai sauri, idonki a kan ɗinkin. Idan yadin ya buɗe har kika hango zaren a tsakani kamar haƙora, ko ramukan allura suka yi tsawo, ki ajiye ta. Haka za ki yi a ƙasa, inda siririn bel ɗin da ake rage tsawo da shi ya shiga gefen jakar. Jaka mai kyau tana da ɗan ƙyalle mai kusurwa uku a wurin, kamar kunne, bel ɗin a jikinsa yake ɗinke. Idan bel ɗin kai tsaye aka soka shi cikin ɗinkin gefe, nan ne wuri na biyu da zai ɓarke. Hannun sama da ake rataye ta da shi a ƙusa, shi ma ki ja shi.

Tunda cikin yana waje, sai ki bi bakin ɗinkin gaba ɗaya da ido. Abin da nake so ki gani shi ne an naɗe bakin yadin da wani siririn ƙyalle an ɗinke, ba a bar shi tsirara ba. Dalili kuwa, yadin jaka zaren roba ne mai santsi, idan aka yanka shi aka bar bakin a buɗe, kullum littafi ya shiga ya fita sai ya ja zare ɗaya biyu. A hankali tsefewar za ta ci har ta iso layin ɗinki, ranar nan sai ki ga jaka ta buɗe alhali zaren ɗinkin yana nan lafiya, yadin ne ya zame daga ƙarƙashinsa. Irin wannan idan aka kawo mini, dole in ci cikin jakar in matsar da ɗinkin, ta ƙanƙance ta karkace, kuma bayan wata ɗaya ta sake tsefewa a gaba. Tsakanin layin ɗinki da bakin yadi ya kamata a sami kamar santimita 1. Idan naɗin ya rufe ba ki gani, ki matsa shi tsakanin yatsu biyu, za ki ji ko akwai yadi a ciki ko fanko ne.

Tazarar ɗinkin ma tana magana. Ki ɗora babban yatsanki a kan layi ki ƙirga sukar allura nawa ya rufe. Shida zuwa takwas daidai ne, wato uku ko huɗu a kowace santimita. Idan uku ko huɗu kacal kika samu a faɗin yatsan duka, an buɗe keken ne don a yi sauri a kuma rage zare, irin wannan ɗinkin da zare ɗaya ya tsinke sai ya warware kamar saƙa. Wanda ya cika matsewa shi ma ba alheri ba ne a yadi mai shafen roba, domin ramukan suna kusantar juna har yadin ya yage a kan layin, kamar yadda takardar rasit ke yagewa a inda aka huhhuda ta. Idan kuma kin ga zaren ƙasa ya yi 'yan kunnuwa yana lilo, ba a daidaita keken ba, ɗinkin bai kama ba.

Na daɗe a kan ɗinki saboda shi ne mutane suka fi tsallakewa. Yanzu zif.

Kowane zif yana da lamba, kuma lambar kusan ita ce faɗin haƙoransa a milimita idan yana rufe. Sau da yawa tana rubuce a bayan kan zif ɗin ko a bakinsa: 3, 5, 8, 10. Babban aljihun da littattafai ke shiga, lamba 8 ya dace da shi, 10 ma ya fi. Lamba 5 na ƙananan aljihu ne, 3 kuwa na riga da siket ne, bai kamata a gan shi a jikin jakar makaranta ba. Idan ba ki ga lamba ba, ki kara fensir a kai. Lamba 8 ya kai kaurin fensir har ya ɗan ɗara, lamba 5 bai kai ba.

Haƙoran iri uku ne. Akwai na ƙarfe, akwai na roba manya-manya da ke tsaye ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma wanda idan kin duba da kyau za ki ga siririn zaren roba ne guda aka nannaɗe aka ɗinka a jikin ƙyallen. Wannan na ukun nake ba da shawara a jakar yaro. Yana bin lanƙwasar saman jaka ba gardama, kuma idan ya buɗe a tsakiya, sau da yawa komawa baya a sake jan sa kawai yake buƙata ya haɗe. Mai manyan haƙoran roba yana da ƙarfi, amma ranar da haƙori ɗaya ya karye, zif ɗin ya gama aiki daga wurin. Na ƙarfe ba ya son lanƙwasa, ga cizon bakin littafi.

Abin da ke kashe zif a ƙasarmu ƙura ce. Daga Disamba idan hunturu ya kankama, ga yara suna ajiye jaka a kan yashi a filin makaranta, ƙasa tana shiga tsakanin haƙora. Kowane ja, ƙasar nan tana goge cikin kan zif ɗin kamar magagari, har bakinsa ya yi faɗi ya daina matse haƙoran su shiga juna. Alamarsa ita ce ki ja zif, yana rufewa a gaba yana buɗewa a baya. Iyaye da yawa a nan suke jefar da jaka, alhali haƙoran lafiyarsu ƙalau, kan ne kawai ya gaji. Ana ɗan matse shi da filaya a gefe biyu ya ƙara wasu makonni, amma ƙarfensa mai gautsi ne, matsi na biyu ko na uku yakan fashe. Gara a cire shi a sa sabo mai lamba iri ɗaya. Canza zif gaba ɗaya kuwa wani aiki ne daban, sai na farke naɗin ciki da shafi kafin in kai gare shi, kuma a jaka mai araha kuɗin aikin na iya kusantar rabin kuɗinta. To a kasuwa abin da za ki tsaya a kai shi ne haƙora da ƙyallen da ke riƙe da su, da yadda aka ɗinka su. Ki ja shi daga farko zuwa ƙarshe kamar sau goma, ki lura da kan kwana, nan yake fara cijewa. Ki rufe shi, ki kama yadin gefe da gefe ki ja kamar za ki raba su, bai kamata ki ga haske a tsakanin haƙoran ba. Ki duba ko shafin ciki yana kusa har kan zif na kama shi, don yaro idan zif ya cije masa ba ya lallashi, fizga yake yi. Mai kai biyu ya fi, idan ɗaya ya mutu ɗayan zai kai shi gida da littattafansa a rufe.

Za ki ji masu shago suna cewa zif ɗin YKK ne. Kamfanin Japan ne, kuma na gaskiyarsa yana da kyau ƙwarai. Sai dai haruffa uku ba su da wuyar bugawa a jikin ƙarfe, na jabu suna da yawa. Hannunki ya fi rubutun faɗin gaskiya: na kirki yana tafiya sumul da nauyi iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ba ya kaɗawa a kan haƙora.

Maganar soson maratayi, kauri ba shi ne ba. Wannan ne wurin da ido ya fi ruɗin mai saye, domin maratayin da ya kumbura ya yi taushi a shago, galibi soson katifa ne mara nauyi aka cusa. Ki matsa shi tsakanin babban yatsa da manuni. Idan yatsunki suka haɗu kamar babu komai a tsakani, haka zai yi a ƙarƙashin kilo uku, ya lafe ya zama ƙyalle, ga shi yana shan gumi kamar soson wanki. A zafin Maris da Afrilu na Garwa, inda rana ke haura digiri 40, soson da ya sha gumi ya bushe sau ɗari yakan rududduge ya tattaru a ƙasan maratayi. Wanda ake so shi ne mai tauri kaɗan, irin jikin silifas, wanda idan kin matsa zai tura yatsanki baya, kina saki ya koma yadda yake. Ko da kaurinsa bai wuce rabin santimita zuwa santimita 1 ba, ya fi wancan mai kumburi. Ki bi shi da yatsa har sama ki ji ko soson ya kai inda maratayi ke hawa kan kafaɗa, don wasu a tsakiya kawai suke sa shi. Faɗin maratayi ga yaro kamar naki, santimita 5 zuwa 6, kamar yatsu uku. Wanda aka yanka da ɗan lanƙwasa ya fi miƙaƙƙe zama, ba ya gugar wuya. Ki shafa gefensa na ciki a bayan hannunki, idan ya karce ki zai karce wuyan yaro. Sai bokul ɗin robar da ake rage tsawo da shi: ki daidaita bel ɗin, ki ja da ƙarfi, idan ya zame to kullum jakar za ta riƙa sauka har ɗuwawunsa.

Amma Hajiya, babu soson da zai gyara nauyin da ya wuce kima. Abin da likitocin yara suka saba faɗa shi ne kada jaka da kayanta su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin yaro. A ce naki kilo 28 ne. Ke nan tsakanin kilo 2.8 da 4.2. Idan jakar da kanta ta ci kilo ɗaya tun tana fanko, ga gorar ruwa ta rabin lita da ke da rabin kilo, kin ga abin da ya rage wa littattafai kaɗan ne, alhali littafin rubutu mai shafi 200 shi kaɗai ya kusa kwatan kilo. Shi ya sa nake son jakar da ba ta wuce kamar giram 600 ko 700 ba idan babu komai a ciki. Shi ya sa kuma ba na goyon bayan mai taya. A kan yashin unguwanninmu da taɓon damina tayar ba ta juyawa, ƙarshenta yaro ya goya ta, da ƙarfenta da tayarta duka a bayansa.

Ki tafi da shi kasuwar, da kuma littafi mafi girma a cikin jerin da makaranta ta bayar. Ƙananan littattafan rubutu santimita 17 ne da 22, ko'ina suna shiga, amma manyan sukan kai 24 da 32, kuma idan kusurwarsu na tokarar zif, su ne za su buɗe shi. Ya goya ta da littattafai a ciki. Samanta ya tsaya daidai kafaɗa, ƙasanta kusa da ƙugu, kada ta fi bayansa faɗi. Kada ki sayi babba da niyyar zai girma ya cike ta, babbar jaka cika ta ake yi da kaya, nauyin kuma ya koma kan ɗinkin nan da muka fara da shi.

Ruwa kuwa, gaskiyar da zan gaya miki ita ce jakar da aka ɗinka da allura ba ta hana ruwa ɗungurum, ko me aka rubuta a takardar da ke rataye jikinta. Yadin na iya hanawa, amma kowace sukar allura rami ce, zif kuma ƙofa ce. Abin da jaka mai kyau za ta iya shi ne ta jure yayyafi da feshi na 'yan mintoci daga makaranta zuwa gida. Ruwan Satumba da ake yi kamar da bakin ƙwarya, yaro a bayan babur, sai ya shiga. Mu nan damina tana cin makonnin farko na shekarar karatu ne, sannan ta dawo wajen ƙarshenta, mutanen Ngaundere kuwa tasu ta fi tamu tsawo sosai. Don haka kada ki ƙara kuɗi mai yawa saboda wannan alkawarin kaɗai.

Abin da za ki duba shi ne bayan yadin. Akan shafa masa roba, iri biyu. Ɗaya siriri ne mai laushi, kamar an shafa man da ya bushe, kina ganin saƙar yadin ta cikinsa. Ɗayan mai kauri ne kamar tamfol, yana sa jaka ta tsaya ƙyam a shago ta yi kyan gani. Mai kaurin ya fi hana ruwa yana sabo, amma ya fi nauyi, kuma idan mara kyau ne zafinmu yana busar da shi ya tsattsage a kan lanƙwasa ya riƙa zuba ɓarɓashi cikin littattafai. Ki ninke yadin ki matsa, ki buɗe. Idan farin layi ya fito a wurin, ko kika karta da farce ya ɓare, ki bar ta. Ki nemi wurin da yadin yake falle ɗaya, ki kafa baki ki hura. Idan iska ta wuce ba wahala, ruwa ma zai wuce. Idan mai shago ya yarda, ki ɗiga ruwa kaɗan a kai: ya dunƙule ya gangara, kada ya baje yadin ya yi duhu. Wani lokaci za ki ga an rubuta 600D a takarda. Awon kaurin zaren da aka saƙa yadin da shi ne, kuma 600 ya wadatar da jakar firamare, sai dai bai ce komai a kan ruwa ko ɗinki ba. Ki so wadda ke da leɓen yadi da ya rufe zif daga sama, da gindi mai ninki biyu, domin sau da yawa ruwa ta ƙasa yake shiga, lokacin da yaro ya dire ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Masu gaban leda mai sheƙi da hoton zane, waɗanda yara ke kuka a kansu, ledar ce ke fara tsagewa, kuma ba ta ɗinkuwa, allura na shiga take ƙara yagewa. Sauran maganin ruwa yana gidanki: leda mai kauri guda, a zuba littattafai ciki a naɗe bakinta, sannan a sa a jaka, har damina ta wuce.

Bari in ba ki labarin yadda muka yi da ƙanwata bara, da za ta saya wa 'yarta, tsarar yaronki. Jaka uku muka ware. Ta farko sefa 3,500, ruwan hoda mai sheƙi, yarinyar tun daga nesa ta maƙale mata. Da na juya ta, bakin yadin tsirara ne har ya fara tsefewa tun ba a saya ba, suka huɗu na ƙirga a faɗin yatsa, zif lamba 5 a babban aljihu. Mai shagon ya yi ta rantsuwa cewa ba ta shan ruwa, na hura iska ta fita ta ɗaya gefen ina ji a tafin hannuna. Ta biyu gwanjo ce, sefa 4,500, kuma wallahi ɗinkinta ya fi na kowacce: bel a gicciye, zif lamba 10 mai tafiya kamar an sa masa mai, maratayi mai lanƙwasa. Na so ta ƙwarai. Amma da na sa hannu ciki sai na ji danƙo, na ciro yatsuna da farin ɓarɓashi, ga wani ɗan wari mai tsami. Shafen robar ne ya tsufa ya narke, abin da ke yawan samun jakar gwanjo da ta daɗe a ɗaure cikin dila. Wannan ba ya tsayawa, zai manne wa bangon littattafai, ruwa kuma zai shiga ta ko'ina. Da cikinta a bushe yake da ita za mu ɗauka, don gwanjo mai lafiyayyen ciki takan fi sabuwa mai araha nesa ba kusa ba.

Ta uku baƙa ce mai ratsin shuɗi, ba wani ado, ya ce 7,000 muka daidaita a 6,000. An naɗe bakin ɗinkinta duka, suka bakwai a faɗin yatsa, zif mai naɗi lamba 8 da kai biyu, soso mai tauri, iska ba ta wucewa. Aibinta biyu: maratayan layi ɗaya ne ya riƙe su a sama, ko da yake bakinsu ya shigo ciki sosai, kuma kan zif ɗaya yana ɗan kaɗawa. Duka biyun abin da ke gyaruwa ne. Muka saya, na kawo ta shago tun kafin a sa mata littafi ko ɗaya. Na yanko bel mai faɗin yatsu biyu na shimfiɗa a kan maratayan, na ɗinke sama da ƙasa da zaren roba, na yi wa kowanne akwati da gicciye, na ƙara maimaita ɗinki a kunnuwan ƙasa. Bai kai rabin awa ba. A watan Fabrairu kan zif ɗin nan ya saki kamar yadda na zata, na canza shi. Yarinyar kuwa, da aka ɗaura mata ɗan geza mai launi a kan zif ta mance da mai ruwan hoda. Da baƙar jakar nan za ta koma makaranta bana.

Wannan ƙarin ɗinkin tun jaka tana sabuwa, ki yi shi ko da wadda kika saya ta yi miki kyau. Duk mai gyaran jaka ko takalmi da ke da keke mai ƙarfi zai yi miki. Ki ce masa ya yi amfani da zaren roba, ba na auduga ba, don na auduga gumi da gugar yau da gobe suna cinye shi, kuma kada ya yi ta maimaita suka a rami ɗaya har ya huda yadin. Ƙarfafa wurin da bai yage ba yana kamawa sosai, saboda allura tana samun lafiyayyen yadi. Bayan ya yage kuwa sai faci.

Idan ta shigo gida, duk ranar Asabar a zazzage ta, a goge haƙoran zif da tsohon burushin haƙori, a goga musu kyandir ko busasshen sabulu. Kada a sa man gyaɗa ko man keke, mai yana kama ƙura ya zama taɓo a cikin kan zif. Wanki sau ɗaya a zango ya isa, da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, kada burushi ya taɓa shafen ciki, a kife ta a inuwa ta bushe. Ki koya masa ya sa manyan littattafai a jikin bayansa, ƙanana a gaba, ya goya da maratayi biyu, kuma idan jaka ta cika ya matso bakinta da hannu ɗaya kafin ya ja zif da ɗayan. Gorar ruwa a aljihun gefe take zama, a tsaye, ba cikin littattafai ba. Jakunkuna da dama da aka kawo mini ana cewa ruwan sama ya shiga, da na shinshina na duba inda tabon yake, murfin gora ne bai rufu ba.